Abin da ke faruwa da hotonka idan ka ja zum, da kyamarar da ya kamata ka danna

Yawancinmu idan muka ga abu a nesa, yatsu biyu kawai muke sa wa a fuskar waya mu buɗe, abin ya matso, mu danna. A kan sikirin lokacin ɗauka kamar ba laifi, sai an dawo gida an buɗe hoton a ga fuskar mutum ta narke kamar an shafa mata mai, rubutu ya cakuɗe, gashi ya zama dunƙule guda. Daga nan sai a ce ai kyamarar wayar ce ba ta da kyau, wani ma har ya fara tunanin canja waya. Gaskiya sau da yawa ba laifin kyamarar ba ne, abin da aka sa ta yi ne ba ta da halin yi, kuma da zarar ka gane lissafin da ke ciki, wanda ba shi da wahala ko kaɗan, za ka san inda za ka tsaya da jan zum ɗin.

Abu na farko da nake so ya zauna maka shi ne, lens ɗin waya ba ya zum. Kyamarar masu ɗaukar hoton biki, waccan mai dogon hanci, idan mai ita ya murɗa lens gilasan ciki ne ke motsi, suna ƙara girman surar kafin ta sauka a kan sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, don haka abin da ke nesa yana cika sensar gaba ɗaya. Waya ba ta da wurin wannan motsin, kaurinta duka bai kai santimita ɗaya ba, shi ya sa kowane ido da ka gani a bayanta tsayayye ne, faɗin ganinsa ɗaya ne ba ya canjawa. Akwai 'yan kaɗan da suka fita daban, kamar Sony Xperia 1 IV ta 2022 da ke da lens mai motsi na gaske, amma ba su ne a hannun jama'a ba. Idan wayarka tana da 0.5x da 1x da 3x, to kyamara uku ke gare ka, kowacce da lens ɗinta da sensarta, kuma duk wata lamba da ba su ba, 1.7x ne ko 2.4x ko 8x, yanka ne kawai. Wayar tana ɗaukar hoton da ɗaya daga cikin ukun nan, ta yanke tsakiya, ta zubar da gefe, sannan ta ja abin da ya rage ya cika sikirin. Shi ne zum na dijital, ba wani abu ba.

To ga inda asarar take. Mu ɗauki hoto mai megafiksel 12, wanda shi ne abin da yawancin wayoyi ke fitarwa idan ba ka taɓa saitin ba. Ma'anarsa ɗigo-ɗigo 4000 a faɗi, 3000 a tsaye. Idan ka ja zuwa 2x, rabin faɗin aka ɗauka da rabin tsayin, wato 2000 da 1500, ka ninka su sai ka samu megafiksel 3. Ka ga ba rabi ka rasa ba, kashi uku cikin huɗu ne suka tafi, saboda ana yanka ta faɗi ana yanka ta tsayi lokaci guda. A 4x saura 1000 da 750, bai ma kai megafiksel 1 ba. A 10x kuwa 400 da 300 ne suka rage, kuma wannan ɗan abin ne wayar za ta ja ta mayar da shi 4000 da 3000, har ta rubuta maka a bayanin hoton cewa 12MP ne. Kamar dai kunu ne ɗan kaɗan a ƙasan kofi ka tsinka shi da ruwa har ya cika kwano, kwanon ya cika amma gasarar ba ta ƙaru ba.

Bari mu sa abin a kan misali da mutum zai iya gani. Ka ce kana hawan Daushe a Kano, ka samu wuri a gefen titi, ga wani mahayi ya sha rawani da alkyabba yana wucewa kamar mita 10 daga inda kake, kuma ba halin ka matsa saboda dawakai da cunkoso. Babbar kyamarar waya, wato 1x, a nisan mita 10 tana kwasar fili mai faɗin kusan mita 13. Raba ɗigo 4000 a kan mita 13, kowane santimita ya samu ɗigo 3 ke nan. Fuskar mutum faɗinta kamar santimita 16 ne, don haka duk fuskar mahayin nan ɗigo 50 ce kacal a faɗi, ido ɗaya bai wuce ɗigo 9 ko 10 ba. Wannan shi ne iyakar bayanin da ya shiga wayar. Idan ka ja zuwa 3x da wannan kyamarar, fuskar za ta koma ɗigo 150 a fayil ɗin, amma na gaskiya har yanzu 50 ɗin nan ne, kowane ɗigo ɗaya an mayar da shi 9, takwas daga ciki manhaja ce ta ƙiyasta su ta hanyar duba maƙwabtansu. Shi ya sa aikin zare na jikin alkyabbar ba zai fito ba ko me ka yi, bai taɓa shiga ba tun farko. Amma da a ce wayar tana da telefoto, wato kyamarar da aka yi don ɗaukar nesa, na 3x mai megafiksel 12, a wannan nisan filin da za ta kwasa bai wuce mita 4 da rabi ba, kuma duka ɗigo 4000 ɗin a kansa za su tafi, fuskar ta samu ɗigo 150 na gaske, a nan ne za ka ga naɗin rawani daki-daki. Girman mutumin a sikirin iri ɗaya ne a hotunan biyu, abin da ke ciki ne ya bambanta nesa ba kusa ba.

Kuma ba ƙarancin ɗigo ne kaɗai matsalar ba, duk wani aibi da ke cikin hoton shi ma ana ƙara masa girma. Kowace sensa tana da ɗan tsakin nan mai kama da yashi da ke fitowa idan haske ya yi ƙasa, a 1x ba ka lura da shi, a 5x ya yi girma sau biyar. Rawar hannu ma haka, motsin da ba komai ba ne a 1x idan aka kai 10x sai ka ga hoton yana tsalle ka kasa ma tsayar da mutumin a tsakiya. Wayar ta san da wannan, sai ta goge tsakin, garin gogewa ta haɗa da ƙananan bayanai irin su gashin gira da saƙar yadi, bayan nan ta ƙara wa gefunan abubuwa kaifi don kada hoton ya yi dishi-dishi. Haɗuwar biyun nan ce ke ba da wannan kamannin na fentin mai, fata sumul kamar roba, ga wani farin layi siriri ya zagaye kan mutum. Idan kana so ka gane hoton da aka ja da yawa, duba rubutu da ganyen bishiya da gashi, haruffa za ka ga sun lanƙwashe sun zama wasu alamomi da ba a karantawa, ganye kuma ya zama curi-curi.

Wani zai ce to ai wayata 50MP ce, ko 108MP, ko 200MP, ni wannan lissafin bai shafe ni ba. Ya shafe ka, amma da sauƙi, kuma a nan akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa. Sensa mai megafiksel 48 ko 50 tana haɗa ɗigo huɗu-huɗu ne su zama ɗaya don su tara haske, shi ya sa hoton da take ba ka 12 ne ko 12 da rabi. Idan ka danna 2x, wayoyi da yawa sukan fasa haɗin nan, su ɗauki tsakiyar sensar ɗigo-ɗigo, sai a samu megafiksel 12 ba tare da an ja komai ba. Haka iPhone 14 Pro ta 2022 take yin 2x ɗinta, kuma dabarar ba sabuwa ba ce, Nokia 808 ta yi irin ta tun 2012 da sensa mai megafiksel 41. Da rana tsaka wannan 2x ɗin yana da kyau ƙwarai, ni dai ba na jin komai wajen amfani da shi. Sai dai ka tuna kashi ɗaya cikin huɗu na sensar ake aiki da shi, don haka kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne ya shiga hoton, da magariba ko a cikin ɗaki za ka ga bambanci. Sannan ɗigo huɗun nan launi ɗaya suke gani, sai an yi lissafi kafin a raba musu launuka, don haka 48 ɗin ba ta kai ninki huɗu na 12 a zahiri. A misalin mahayinmu, a takarda fuskar za ta samu ɗigo 100, a aikace ƙasa da haka. Kuma ba kowace waya mai 50MP ce ke yin wannan dabarar da kanta ba, wasu masu araha hoton 12 ɗin kawai suke yankawa, idan taka irin wannan ce gara ka shiga 50MP ɗin da hannunka, ka ɗauka a 1x, ka yanke daga baya.

Yanzu mu zo kan wurin da mutane suka fi faɗawa ba su sani ba, wato lambobin da ke gab da telefoto. Idan telefoton wayarka 3x ne, to 2.9x shi ne mafi munin wurin da za ka tsaya a tsakanin, domin babbar kyamara ce aka yanka har ƙarshen ƙarfinta, ɗan ƙara kaɗan zuwa 3x sai ka hau kan wata kyamarar sabuwa fil da cikakkiyar sensarta. A wayoyi masu 5x irin iPhone 15 Pro Max ratar ta fi faɗi, daga 2x har zuwa 4.9x duk yankan babbar kyamara ne, kuma a 4.9x ko daga megafiksel 48 aka yanka abin da ya rage kusan 2 ne, a 5x kuma 12 cif. Wasu wayoyin suna ƙoƙarin haɗa hotunan kyamarori biyu don cike wannan giɓin, yana taimakawa, amma bai kai ka danna lambar kai tsaye ba. Haka abin yake ta ƙasa, 0.8x ko 0.9x ba babbar kyamara ba ce, ultirawayid ce, wato kyamarar 0.5x mai faɗin gani, aka yanka, ka bar kyamararka mafi kyau saboda ɗan faɗin da taku ɗaya baya zai ba ka. Shi ya sa nake cewa a daina buɗe yatsu, a riƙa danna maɓallan da wayar ta jera a ƙasa, idan mutumin ya yi girma ko ƙanƙanta sai ka gyara da ƙafarka.

Sai dai fa telefoto ma ba kullum yake cin nasara ba, kuma dalilin haske ne. Babbar kyamara ita ce 'yar gata a kowace waya, ita ke da sensa mafi girma da ƙofar haske mafi faɗi. Ƙofar hasken ita ce lambar nan da ake rubutawa f/1.8 ko f/2.8, kuma idan lambar ta ƙaru ƙofar tsukewa take. A iPhone 14 Pro babbar f/1.78 ce, telefoton f/2.8, wato hasken da ke sauka kan sensar telefoton bai kai rabin na babbar ba, ga shi kuma sensar tasa ƙarama. A Galaxy S23 Ultra babbar f/1.7 ce, ta 10x ɗin f/4.9, bambancin ya kai ninki takwas. To mu koma wurin hawan nan, da la'asar sakaliya telefoto zai yi maka aiki mai kyau, amma idan rana ta yi ƙasa sosai ga ƙurar dawakai ta tashi, telefoton sai ya daɗe a buɗe kafin ya tara haske, doki kuma ba tsayawa zai yi ba, sai hoton ya fito dishi-dishi saboda motsi. A irin wannan lokacin wayoyi da yawa da kansu suke barin telefoton su koma yankan babbar kyamara, sikirin yana nuna maka 3x amma ba telefoto ke aiki ba. Haka suke yi idan ka matso kusa da abu sosai, domin yawancin telefoto ba ya iya kama fokas a kusa.

Gane wannan ba wuya. Danna 3x, ka sa yatsa ka rufe idanun bayan wayar ɗaya bayan ɗaya, wanda ka rufe sikirin ya yi duhu shi ke aiki. Yi haka a waje da rana, ka sake yi a ɗaki da dare, za ka ga ko ta canja. Ko kuma bayan ka ɗauka ka buɗe bayanin hoton, a iPhone za ta rubuta Main Camera ko Telephoto Camera, a Android ka duba lambar f ɗin, idan ka ɗauka a 3x amma ka ga f/1.8 to yanka aka yi maka. Ni a ganina idan wayar ta yanke wannan hukuncin a duhu yawanci tana da gaskiya, abin da ya rage naka shi ne ka san cewa yanzu a 1x kake, ka matsa kusa idan da hali, ko ka haƙura da hoto mai faɗi.

Wannan gwajin yatsa zai kuma nuna maka wani abu da ya shafi da yawa daga cikinmu masu riƙe da ƙananan wayoyi. Ido uku ko huɗu a bayan waya ba ya nufin akwai telefoto. A wayoyi masu sauƙin kuɗi sau da yawa ɗaya ce kyamarar gaske, sauran ƙananan sensa ne masu megafiksel 2 na makro, wato ɗaukar abu gab da gab, ko na auna zurfi don dusasar da bayan mutum. Idan a bayanan wayar ba a rubuta telephoto ko periscope ba, to babu shi, kuma 10x ko 20x da ka gani a manhajar kyamarar duk yanka ne. Mai irin wannan wayar iyakarsa 2x, idan rana ta fito sosai ya iya kaiwa 3x.

Ita kuwa ultirawayid, wato 0.5x ko 0.6x, aikinta ɗaya ne, inda ba ka da wurin ja da baya. Ɗakin amarya da aka jere ana son a ga gado da durowa da labule a hoto ɗaya, cikin shago, gaban babban masallaci daga kusa. Tana kwasar kusan digiri 120, amma a yawancin wayoyi ita ce mafi rauni, sensarta ƙarama, galibi ba ta da abin rage rawar hannu a lens, a masu araha ma ba ta canja fokas. Da dare kada ka dogara da ita. Sannan tana jan duk abin da ke gefe, shi ya sa a hoton taron dangi waɗanda ke bakin layi suke fitowa da faɗin jiki da karkataccen kai, kuma idan ka ɗaga wayar sama kaɗan gini sai ya zama kamar zai faɗi baya. Idan dole ce ta sa ka ɗauki mutane da ita, tara su a tsakiya ka bar fili a gefe, ka riƙe wayar a miƙe daidai ƙirji. Idan kuwa akwai wurin ja da baya taku uku, ja ka ɗauka da 1x, zai fi.

Akwai wurin da ni da kaina nake ba da shawarar a yi zum ko da na dijital ne, kuma ya shafi masu ɗaukar fuska da masu saida kaya. Girman hanci da ƙanƙancewar kunne da ake gani a hoton kusa ba lens ke kawo shi ba, kusanci ne. Idan waya tana santimita 30 daga fuska, hanci ya fi kunne kusa da ita da kaso mai yawa, dole ya yi girma. Ja baya zuwa mita ɗaya da rabi ko biyu, bambancin ya zama kaɗan, fuska ta koma yadda ido ya saba ganinta, sai ka danna 2x ko 3x don ta cika hoton. Haka 'yar uwa mai saida takalma ko kwalbar turare ko jaka, idan kika kusanto da waya a 1x gaban takalmin zai kumbura, kwalbar ta yi kai babba, ga inuwar wayar da hannunki ta faɗa kan kayan. Ki fitar da kayan inda haske yake, bakin ƙofa ko inuwar baranda, ki ja baya ki danna 2x. Ko da wayar ba ta da telefoto megafiksel 3 ɗin da suka rage sun isa, tunda faɗin sikirin yawancin wayoyi ɗigo 1080 ne ko ƙasa, kuma WhatsApp idan ba HD aka zaɓa ba yana matse hoton ya dawo kusan megafiksel 2. Inda 2x ɗin zai gaza shi ne idan za a wanke hoton babba a sa a firem, ko mai saye zai buɗe ya duba saƙar shadda.

Ga wanda ke da telefoto mai nisa, 5x ko 10x, akwai abin da ba waya ke jawo shi ba. Tsakaninka da abin da ke nesa akwai iska, lokacin hunturu hazo na cinye kaifi da launi, lokacin zafi kuma tururin da ke tashi daga kwalta yana sa layuka su yi ta rawa, ko lens na miliyan nawa ne ba zai gyara wannan ba, sai dai ka rage nisan ko ka ɗauka da safe kafin ƙasa ta yi zafi. Rawar hannu kuma kana iya rage ta, manna gwiwar hannu a jiki ko ka jingina wayar da bango ko saman mota, ka sa taima na sakan 2 ko 3 don dannawar kanta kada ta girgiza ta, ka ɗauki uku ko huɗu ka zaɓi mai kaifi. Sannan ka goge gilashin da gefen riga mai laushi kafin ka fara, telefoto da ultirawayid sun fi tara maiƙon yatsa ba a lura ba, tunda ba kullum ake duba ta cikinsu ba.

Idan kuma abu ya yi nisan da ya fi ƙarfin duk kyamarorin, misali takardar sanarwa a allo daga mita 10, inda harafi mai tsayin milimita 4 ɗigo ɗaya kawai zai samu a 1x, to babu zum ɗin da zai sa a karanta shi. A mita 2 harafin nan zai samu ɗigo 6, an fara ganewa da ƙyar, a mita 1 ya samu 12 ana karantawa sarai, don haka takarda dai sai ka tako gabanta ka ɗauka da 1x, ka taɓa sikirin a kan rubutun don fokas ya zauna kafin ka danna.